Kafin Ka Sa Jan Biro a Rubutun Wani

Ɗana, 'yata, ga shi yanzu aikin gyaran rubutu da a da sai a Zariya ake yin sa ya zo har ƙofar gidanmu. Tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma kwalejin Isa Kaita da ta riga ta, yaran Kurfi da Wurma da ƙauyukan da ke kewaye sun iya na'ura, sun iya ƙa'idojin rubutu. Dattijon da ya daɗe yana tara takardu a akwati, yana son ya bar tarihin gidansu ko na garinsu, ku yake nema. Malamar da ta rubuta gajeren labari za ta aika gasa, ku take miƙa wa ta ce a ɗan duba mata. Abin farin ciki ne. Sai dai na ga rubutu da yawa sun shiga hannun masu gyara da muryar mai su, sun fito da muryar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Ba mugunta ke kawo haka ba, ƙwazo ne ya yi yawa. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ke faruwa shi ne, mai gyara yana auna rubutun da kunnensa. Duk jimlar da ba haka shi zai faɗe ta ba, sai ta yi masa kama da kuskure. To, kunnenka ba ma'auni ba ne, domin kunnen ɗan makaranta ne wanda ya sha rediyo da takardun jarrabawa. Ma'aunin yana hannun marubucin, a cikin abin da ya rubuta tun kafin ya san ka. Saboda haka aikinka na farko ba gyara ba ne. Ka ajiye daftarin, ka ce masa, “Baba, ko akwai tsofaffin wasiƙu, ko wani jawabi, ko littafin da kake rubuce-rubuce a ciki?” Shafi goma ya isa ka fara jin mutum, in dai ba iri ɗaya ba ne duka.

Bari in nuna maka da abin da na gani da idona. Wani tsohon hedimasta daga wajen Wurma ya rubuta labarin rayuwarsa. Rabi ya rubuta da hannu, rabi kuma, da ido ya fara ba shi wahala, ya faɗa da baki wani yaro ya ɗauka a waya ya buga. A babin da yake maganar farin 1973 akwai wannan:

“Shekarar nan ruwa ya ɗauke gero na bununi. Muka zuba ma sama ido. Hadari ya haɗo gabas, iska ta watsa shi. Hadari ya haɗo gabas, iska ta watsa shi. Hal muka bar dubawa. Baba ya kwance bijimin nan guda, ya tahi da shi Dutsin-Ma ran kasuwa. Bai ce ma kowa komi ba. Da marece ya komo, igiya a hannu, ɗan buhun dawa a ka. To, shi ke nan.”

Aka ba wani ɗalibi mai hazaƙa ya gyara, ga abin da ya dawo da shi:

“A wannan shekara an fuskanci matsalar ƙarancin ruwan sama a daidai lokacin da amfanin gona ke buƙatarsa, lamarin da ya jefa al'umma cikin mawuyacin hali. Duba da haka, mahaifinmu ya yanke shawarar sayar da bijiminsa ɗaya tilo a kasuwar Dutsin-Ma domin samar wa iyalinsa abinci, wanda hakan ya yi matuƙar sosa masa rai.”

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a nan, malamin makaranta ma zai ba shi maki. Amma dubi abin da ya salwanta. Bununi ya tafi, alhali duk wanda ya taɓa noma ya san ruwa ya ɗauke a lokacin da gero ke bununi ya fi ya ɗauke a kowane lokaci ciwo, don a nan ne ido zai zauna ko ya ƙi. Igiyar nan da tsohon ya komo da ita babu bijimi ta tafi. Jimlar da aka maimaita, yaron ya ɗauka mai bugawa ne ya yi tuntuɓe, ya share ta gaba ɗaya. Mafi muni, ya sa wa dattijon magana a baki. Hedimasta bai ce ran mahaifinsa ya sosu ba, cewa ya yi bai ce wa kowa komai ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da aka buɗe akwatinsa, sai ga wasiƙun da ya riƙa aika wa ƙanensa a Kaduna, waɗanda iyalinsa suka mayar masa bayan rasuwar ƙanen, ga jawabin da ya karanta ranar da aka yi masa bankwana a makaranta, ga kuma wani tsohon littafi da yake rubuta ranar shuka da ranar girbi da abin da aka samu. Karatun waɗannan ba irin karatun jin labari ba ne. Fensir za ka riƙe, da farar takarda a gefe, kana lura da abin da yake dawowa.

Abu na farko da ya fito shi ne tsawon numfashinsa. Ka ɗauki jimla ashirin a jere daga wasiƙa ɗaya ka ƙirga kalmomin kowace. Nasa yawanci tsakanin biyar da goma suke, jefi-jefi sai ya saki doguwa guda. Jimlolin ɗalibin kuwa, ka ƙirga da kanka, kowace ta haura ashirin. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka an canza mutum. Na biyu, maimaicin nan. A wasiƙar da yake ba ƙanensa labarin jinyar mahaifiyarsu ya rubuta, “Mu kai ta asibiti, a sallamo mu. Mu kai ta asibiti, a sallamo mu.” Ashe haka yake nuna abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ba ya cewa “sau da dama”, sai dai ya sa ka bi hanyar sau biyu da ƙafarka. Na uku, a duk takardun nan babu inda ya ambaci baƙin ciki ko takaici da sunansa. Yakan faɗi abin da aka yi da hannu, ya rufe da “To, shi ke nan.” Ko ta'aziyya haka yake rufe ta.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: abin da ya fito sau uku a takardu daban-daban, ɗabi'a ce, nasa ne, hannunka ya kauce masa ko da bai yi maka daɗi ba. Abin da ya fito sau ɗaya tak a daftari, babu irinsa a ko'ina cikin tsofaffin takardun, shi ne abin tuhuma. Ka rubuta ɗabi'un nan a takardarka ta gefe, rabin shafi ya ishe su, ka ajiye ta kusa da kai har ka gama littafin. Ka rubuta har da abin da ba ya yi. Hedimastan nan, alal misali, bai taɓa rubuta “al'umma” ba, “mutane” yake cewa ko “mutanen gari”. Bai taɓa cewa “mahaifinmu” ba sai a jawabin bankwana, inda akwai manyan baƙi.

Yanzu ga wurin da samari suka fi ruɗewa, wato karin harshe. An koya muku daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, kuma daidai ne a koya muku. Amma ku raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai ƙa'idar rubutu, wadda ba ta da alaƙa da muryar kowa. In ya rubuta “yace” ka raba, ka mayar “ya ce”. In ya rubuta “dashi” yana nufin “da shi”, ka raba, kada a ɗauka dashen itace yake nufi. In mai bugawa ya bar “kafa” inda ake nufin “ƙafa”, ko “daki” a wurin “ɗaki”, ka sa ƙugiya. Wannan ka yi shi ko'ina, ba sai ka tambayi kowa ba, domin in an karanta a bayyane babu abin da ya sauya. Sai kuma kalmar da mutum ya zaɓa da yadda ya gina maganarsa, wannan kuma dukiyarsa ce. Gwajin mai sauƙi ne: in gyaranka zai sa bakin mai karantawa ya furta wani abu daban, to ka wuce ƙa'idar rubutu, ka shiga gonar marubuci.

A kan “hal” da “tahi” fa? Nan ne tsofaffin takardun suka raba gardama, kuma ba yadda mai kishin Katsinanci zai zata ba. A wasiƙunsa duka, “har” yake rubutawa, “tafi” yake rubutawa, domin malamin boko ne, hannunsa ya saba. “Hal” da “tahi” sun shigo ne ta ɓangaren da ya faɗa da baki, yaron ya buga yadda ya ji. Amma “ya ce ma wane”, da “komo”, da “ɗiya”, waɗannan suna nan a rubutun hannunsa tun yana saurayi. Saboda haka aka mayar da “har” da “tafi” a inda shi yake ba da labari, aka bar “ma” da “komo” yadda suke. Inda kuma ya kawo maganar wata tsohuwa ko wani manomi a bakinsu, aka bar musu “tahi” ɗinsu. Ka ga da mai son ya daidaita komai da mai son ya bar komai, duka da sun yi kuskure. Takardun mutumin ne suka nuna inda iyakar take.

Kuma ka yi hattara da saurin musanya kalmar Katsinanci da ta Kano, don wani lokaci ba murya kaɗai ke ɓacewa ba, har da gaskiyar magana. A wani babi ya rubuta cewa ɗiyan liman ne suka fara shiga makarantar boko a unguwarsu. Ɗalibin ya san “ɗiya” na nufin 'ya mace, sai ya gyara ya ce 'yar liman ce. Alhali “ɗiyan liman” a bakinmu 'ya'yansa ne, da mace guda ake nufi da “ɗiyar liman” za a ce. Harafi ɗaya ya mayar da yara maza mace guda, a littafin da jikokin limamin za su karanta.

Kada ka ɗauka ina cewa a naɗe hannu. Daftarin nan yana da wuraren da suka kwance, musamman inda ya gaji ko ya so ya yi irin ta manyan littattafai. Ga wata jimla tasa: “Sai dai kuma duk da cewa a lokacin da aka kawo taimakon abinci wanda gwamnati ta kawo wanda aka ce za a raba ma kowa amma mu bai iso mana ba sai bayan da aka riga aka ci wahala.” Wannan tana bukatar gyara, ba shakka. Tambayar ita ce da kayan aikin wa za ka gyara ta. In ka yi da naka, za ka ce tallafin gwamnati bai iso a kan kari ba. In ka duba takardarka ta gefe, za ka tuna mutumin gajeren numfashi gare shi, kuma “taimako” yake cewa. Sai ta zama: “Gwamnati ta kawo taimakon abinci. Aka ce za a raba ma kowa. Mu bai iso mana ba sai da aka riga aka ci wahala.” Babu kalma ɗaya a ciki da ba tasa ba. An zare masu harɗe ƙafa ne kawai, an sa aya inda shi da kansa yake sa ta in yana cikin natsuwa. In har dole sai ka ƙara kalma, ka nemo ta a wasiƙunsa kafin ka nemo ta a kanka.

Wani abin kuma ba naka ba ne ko kaɗan. A babi na huɗu ya ce an sayar da bijimin a 1973, a babi na tara ya ce a 1974. Kada ka zaɓa masa, ko da ka karanta cewa farin ya shafi shekarun biyu. Ka sa alamar tambaya a gefe, ka kai masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su ma tsofaffin takardun suna iya yaudararka, in ba ka tantance su ba. Mafi haɗari shi ne abin da aka riga aka buga a jarida ko mujalla, don ya bi ta hannun wani edita, kana iya zama kana kwaikwayon editan kana zaton marubucin ne. Rubutun hannu ya fi, wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa ta fi duka. Sannan ka dubi wa aka rubuta wa. Takardar koke zuwa ga Maraɗin Katsina a Kurfi ko Yandaka a Dutsin-Ma tana da nata ladabin, da gaisuwa da kirari da dogayen jimloli, kowa haka yake rubuta ta, ba za ta gaya maka yadda mutum yake ba da labarin ƙuruciyarsa ba. Ka nemi samfurin da ya yi kusa da irin aikin da ke gabanka. Akwai kuma shekaru. Wanda ya rubuta wasiƙa yana ɗan talatin ba lalle ne shi ne mai saba'in ba. In ka ga daftarin ya saɓa wa tsofaffin takardu ta hanya ɗaya daga farko har ƙarshe, wataƙila mutumin ne ya sauya, ko da gangan yake gwada wani salo. Wannan ya fi faruwa da matasan marubuta mata da nake gani, wadda labarinta na bara cike yake da ado, na bana kuma ta tsuke shi da niyya. In ka mayar da ita bara, ka danne ta da inuwarta. Tambaya ce maganin wannan.

Wannan sana'a tana da tarihi a ƙasarmu, kuma Katsina na ciki. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aika da Shaihu Umar. Duka ta ofis ɗaya suka bi kafin a buga su. Amma ka buɗe kowanne a tsakiya ka karanta shafi guda, ba za ka haɗa barkwancin Imam da natsuwar Shaihu Umar ko bugun ƙirjin Ganɗoki ba. Ni a ganina abin koyi ke nan. Ka kuma lura da Jiki Magayi, wanda ya fito a wannan zubin: sunaye biyu ne a bangonsa, John Tafida da East. Inda hannu biyu suka yi aiki, an faɗa. Abin da ba shi da kyau shi ne ka rubuta rabin littafi da bakinka, ka bar sunan dattijo shi kaɗai ya ɗauki nauyin maganar da bai yi ba.

A Amurka ma an yi irin wannan. Marubucin gajerun labarai Raymond Carver, editansa Gordon Lish ya yanke fiye da rabin wani littafinsa da ya fito a 1981, ya sauya ƙarshen labarai da dama. Littafin ya yi suna ƙwarai, har yau akwai masu cewa gyaran ya fi asalin kyau. Amma shi Carver ya rubuta wa editan wasiƙa yana roƙon a dakatar da bugun. Sai a 2009, shekara ashirin da ɗaya bayan mutuwarsa, aka buga littafin duka yadda ya rubuta shi. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne asalin bai ɓata ba. Kai ma kada ka taɓa yin gyara a kan kwafi ɗaya tilo. Ka ajiye na asali daban, ka yi aiki a kan na biyu, in a kwamfuta ne ka kunna `Track Changes` don duk abin da ka cire ya tsaya da ja, mai shi ya gani. In a takarda ne, ka ja layi ɗaya siriri a kan kalma yadda za a iya karanta ta, kada ka murje.

Kada kuma ka gyara littafin duka sannan ka kai. Ka yi shafi biyu ko uku, ka je ka zauna gabansa ka karanta masa a bayyane. Sai dai ka sani, dattijo mai kunya ba zai ce maka ka ɓata ba. Zai ce, “Madalla, ai ku ne 'yan boko, ya yi kyau.” Wasu ma har ransu suna ganin Hausar rediyo ta fi tasu daraja, suna jin nauyin nasu bakin. Saboda haka kada ka tsaya ga abin da ya faɗa, ka dubi abin da yake yi. In kana karatu yana gyaɗa kai, yana riga ka ƙarasa jimla, kana kan hanya. In ya yi tsit yana saurare kamar ana karanta masa sanarwa, ko ya tsayar da kai ya ce, “Wato abin da nake nufi a nan…”, sannan ya faɗi jimlar da ka share, to ka mayar da ita.

Gwajin da ya fi wannan tsanani shi ne ka sami wanda ya san shi shekara da shekaru, uwargidansa ko abokin zamansa na dandali, ka karanta masa sakin layi biyu, ɗaya daga tsohuwar wasiƙa, ɗaya daga shafin da ka gyara, ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba. In ya iya nuna naka da yatsa, ka tambaye shi a wace kalma ya gane. Yawanci zai kama ka ne a kan su “bugu da ƙari”, “lamarin da ya sa”, “duba da”, “taka muhimmiyar rawa”. Waɗannan su ne sawun mai gyara, kana iya nemo su da kanka a na'ura kafin kowa ya nemo maka, ka duba ko akwai ko ɗaya a tsofaffin takardun.

Za ka haɗu da wanda ba shi da akwati, bai taɓa ajiye wasiƙa ba, wannan daftarin shi ne rubutunsa na farko. A nan sai ka nemi samfurin a cikin daftarin kansa. Ka karanta shi duka ba tare da biro a hannu ba, ka ware shafuka huɗu ko biyar inda maganar ta fi gudu, galibi inda yake ba da labarin abin da ya gani da idonsa, ba gabatarwa ba, don a gabatarwa kowa yakan sa babbar riga. Waɗannan shafukan su ne ma'auninka ga sauran. Ka haɗa da hira: ka sa shi ya ba ka labari ɗaya daga cikin littafin da baki, ka ɗauka a waya da izninsa, ka saurara don jin tsawon numfashinsa da kalmomin da yake jingina da su. Ka dai tuna da “hal” da “tahi”, bakin mutum da hannunsa ba koyaushe suke tafiya tare ba, don haka duk inda suka saɓa, sai ka koma ka tambaye shi wanne yake so a gani a takarda.